Mata ta zame a kantina ta karye a hannu, mijinta na neman naira miliyan ɗaya da rabi

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kantin kayan masarufi a Kano, haya nake yi, ƙasan tayil ne mai sheƙi. Ranar Asabar an kwana babu wuta, ƙanƙarar firizar da ke kusa da ƙofa ta narke, ruwa ya biyo ƙasa. Da safe yarona ya goge ya shimfiɗa kwali a wurin. Wajen azahar kwalin ya jiƙe, ya ɗauke shi zai kawo wani, sai masu saye suka taru ya tsaya sallamarsu. A nan wata baiwar Allah ta shigo sayen madara, ta zame ta dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Ni na ɗauke ta a motata zuwa asibitin ƙashi na Dala, na biya hoto da ɗori da magani, naira 185,000 zuwa yanzu. Jiya mijinta ya zo ya ce tela ce, ba za ta iya ɗinki ba, in ba su miliyan ɗaya da rabi ko mu haɗu a kotu. Shin doka ta ɗora min wannan? Ni dai ban ture ta ba, ban kuma zuba ruwan da gangan ba.

Sani Kwari:
Wa alaikumus salam. Alhaji kada ka ba da ko sisi bayan abin da ka riga ka kashe. Tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mutum nawa ke faɗuwa a kasuwa kullum? Ka yi abin da ya kamata, ka kai ta asibiti. Sauran kwaɗayi ne.

Maman Ilham:
Malam Sani, ka san me karayar hannun dama take nufi ga tela kuwa? Ni ɗinki nake yi. Makonni shida a filasta, bayan an cire kuma hannun ya sandare, almakashi ma ba ya riƙuwa sai an yi ta gashi da motsa shi. In lokacin biki ne ko gab da salla, kwastomominta sun tafi wurin wata ke nan. Ban ce kuɗin da mijin ya faɗa daidai ba ne, amma kada a kira shi kwaɗayi tun ba a ji asarar da suka yi ba.

Barista Hadiza:
Allah ya ba ta lafiya. Alhaji, zan faɗa maka yadda kotu ke kallon irin wannan, amma ka samu lauya ka zauna da shi ya ga takardunka, don abin da ka rubuta a nan kaɗai nake gani.

Ba a tambayar ko ka yi da gangan. Da a ce da gangan ka yi, da maganar laifi ce ta 'yan sanda. Abin da ake tambaya shi ne sakaci. Duk wanda ya buɗe kanti ya kira jama'a su shigo su saya, doka ta ɗora masa ya kula gwargwadon hankali kada su ji ciwo daga wani haɗarin da ba su saba tsammani ba, wanda shi ya sani ko ya kamata a ce ya sani. Ba a ce ka tabbatar babu wanda zai taɓa faɗuwa ba. Da a ce wani yaro ne ya zubar da lemo, kafin a ƙifta ido matar ta taka ta faɗi, da kana da hujja mai ƙarfi, don babu mai kantin da zai iya goge abin da bai samu lokacin gani ba.

Naka ya bambanta, kuma gara ka ji tun yanzu. Ruwan daga firizarka yake, kun san da shi tun safe, shimfiɗa kwalin ma shaida ce cewa kun sani. Sannan aka ɗauke kwalin aka bar wurin a buɗe, a bakin ƙofa, inda kowa zai bi. In aka je kotu da waɗannan bayanan, ina ganin da wuya ka kuɓuta gaba ɗaya. Inda za ka yi gardama shi ne yawan kuɗin.

Abban_Khalifa:
Na gode Barista. Amma yaron ne ya ɗauke kwalin, ni a lokacin ina masallaci. Ba shi za a kama ba?

Barista Hadiza:
A'a Alhaji. Sakacin da ma'aikaci ya yi yana cikin aikin da ka ɗauke shi ya yi, a wuyan maigida yake. Suna iya haɗa ku ku biyu a ƙarar, amma kai za su bi saboda kai ke da abin biya. Kuma kada ka kori yaron a kan wannan. Ban da tausayi, shi ne babban mai shaidarka cewa an goge da safe kuma tsakanin ɗauke kwalin da faɗuwar ba a daɗe ba.

Ɗan Sabon Gari:
To ai shagon ba nasa ba ne. Mai ginin ne ya sa wannan tayil mai santsi, shi ya kamata a nema. Irin tayil ɗin nan na falo ne, in ruwa ya taɓa shi ko akuya ba ta tsayuwa.

Barista Hadiza:
@Ɗan Sabon Gari, wanda wurin ke hannunsa ake dubawa, wato mai buɗewa da rufewa, mai cewa a share ko kada a share. Cikin kantin ɗan haya ne. Mai gini yana shigowa ne in abin ya faru a wurin da ya rage a hannunsa, kamar matattakalar da duk 'yan haya ke hawa, ko barandar filaza, ko rufin da aka yi yarjejeniya shi zai gyara ya ƙi. Tayil ɗin nan kuwa a bushe mutane suna ta takawa lafiya. Ruwan ne ya mai da shi haɗari, ruwan kuma na Alhaji ne.

Sani Kwari:
To ita ba ta da ido ne? Tsakar rana fa.

Usman_Landan:
Malam Sani, ruwa a kan farin tayil mai sheƙi ba ya ganuwa, musamman ga wanda ya fito daga hasken rana ya shiga inuwa. Kuma mai kanti da kansa ya jera kaya don idon mai saye ya tafi kan kanta, ba ƙasa ba.

Na yi aiki a wani babban kanti a nan Ingila. Akwai takarda a maƙale, duk wanda ya zaga ya duba ƙasa sai ya rubuta lokaci ya sa hannu. In ka ga abu ya zube ba ka barin wurin, tsayawa kake ka kira wani ya kawo mofa da alamar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa. Manajanmu ya ce tushen wannan tsari wata shari'a ce ta 1976, Ward da kantin Tesco. Matar ta taka yogot da ya zube a wani reshensu a Liverpool ta faɗi. Ba ta iya faɗin tun yaushe ya zube ba, kantin kuma ya ce ana share ƙasan sau biyar ko shida a rana. Duk da haka kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya, ta ce tunda ƙasan a hannunsu yake, su ne za su nuna cewa ba rashin kularsu ya jawo ba, kuma ba su kawo shaidar lokacin da aka yi sharar ƙarshe ba.

Barista Hadiza:
Haka shari'ar take, Malam Usman. Hukuncin Ingila na 1976 bai zama dole a kan alƙalin Najeriya ba, amma lauyoyi suna kawo shi kuma kotunanmu suna saurara, tunda dokar sakacinmu daga can ta samo asali.

Tambayar Malam Sani ma tana da wuri, ba a watsar da ita ba. In aka nuna cewa ita ma ta yi nata sakacin, misali tana tafe tana danna waya, ko yaron ya ce mata Hajiya a kula da ruwa ta wuce, kotu tana rage diyyar gwargwadon nata kason. Ragewa ake yi, ba sokewa ba. Alhaji, kana da kyamara a kantin?

Abban_Khalifa:
Akwai guda biyu, ɗaya tana kallon ƙofa. A ranar janareto muka tayar da hantsi, don haka ta ɗauka. Ban duba ba tukuna.

Injiniya Bash:
Alhaji yau ɗin nan ka kwafe shi a filashi, ka ajiye kwafi biyu. Yawancin na'urorin nan in faifan ya cika, kan tsohon hoto suke hawa su goge shi, wasu cikin mako ɗaya ko biyu. Kuma kada ka yanko faɗuwar kaɗai. Ka ɗauko tun daga lokacin da kyamarar ta kama har ka fita da ita, don a ga lokacin da aka ɗauke kwalin da mintunan da suka wuce.

Firizar kuma a duba ta. Irin ta kwance tana da 'yar hudar fitar da ruwa a ƙasa mai marfi, in marfin ya ɓace ko robar ta saki, duk narkewar da ƙanƙara ta yi a ƙasa za ta ƙare. A toshe, ko a sa tire a ƙarƙashi, a kuma janye ta daga hanyar shiga. Kwali ba magani ba ne, in ya jiƙe shi kansa zamewa yake da mutum. Tabarmar roba mai huji-huji ake sawa.

Talatu Gombe:
Ni dai ban gane ba, ba akwai hukumar da ke biyan wanda ya ji ciwo a wurin aiki ba? Ƙanena ya yanke a yatsa a kamfani an biya shi.

Barista Hadiza:
Wannan NSITF ce, ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Ta ma'aikaci ce wanda maigidansa ke zuba masa kaso. Da yaron kantin ne ya faɗi, da sai a yi maganarta. Mai saye ba ya ciki.

Kabiru Inshora:
Ga inda aikinmu ya shigo. Akwai inshorar da aka yi ta don wannan kaɗai, ta alhakin jama'a. In wani da ba ma'aikacinka ba ya ji ciwo ko kayansa suka lalace a wurin sana'arka, kuma doka ta ɗora maka, kamfanin ne zai biya diyyar da kuɗin lauya har zuwa iyakar da aka rubuta a takardar. Alhaji kana da wata inshora a kantin?

Abban_Khalifa:
Akwai ta gobara da sata, banki ne suka sa na yi lokacin da na karɓi bashi.

Ɗan Sabon Gari:
Shi ke nan ai ka huta. Doka ma ta wajabta inshora a kan duk ginin da jama'a ke shiga, sashe na 65 na dokar inshora ta 2003. Ka kai musu takarda su biya matar.

Kabiru Inshora:
Sashen da ka faɗa gaskiya ne, kuma an yi sabuwar doka a 2025 da ta maye gurbin ta 2003. Amma abin da wancan sashen ya lissafa shi ne rushewar gini, gobara, girgizar ƙasa, guguwa da ambaliya. Ruwan firiza ba ya cikinsu. Ta gobara da sata kuma kayan Alhaji take karewa, ba jikin mai saye ba. Sai dai wani lokaci ana sayar wa masu shago inshora a dunƙule, a cusa alhakin jama'a a ciki, mai ita bai ma sani ba. Alhaji ka buɗe shafin da aka jera abubuwan da aka rufe da adadin kuɗin kowanne, ka duba.

In ka same shi a ciki, ka sanar da su a rubuce gobe da safe, don jinkirin sanarwa na daga cikin dalilan da ake ƙin biya. Kuma kusan kowace irin wannan takarda tana da sharaɗin kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da izininsu ba. In ka zauna da mijin kuka yanke kuɗi kai kaɗai, suna iya cewa babu ruwansu. In kuma babu shi a ciki, wadda za ka saya yanzu ba za ta koma baya ta rufe abin da ya faru ranar Asabar ba.

Sani Kwari:
Kun ga abin da nake gudu. Wato kai ta asibitin da ya yi ma zai zama hujja a kansa? Gobe wa zai taimaki wani?

Barista Hadiza:
A'a, kada a ɗauke shi haka. Kai mai rauni asibiti ba amsa laifi ba ne, kuma duk abin da ya kashe za a cire shi daga abin da za a yanke, in dai ya riƙe rasit. Abin da Malam Kabiru ke hana shi shi ne rubuta "laifina ne, zan biya kaza" ko faɗin haka a saƙon murya.

Malam Nuhu Zariya:
Bismillah. Tunda dukansu Musulmi ne, ya kamata a ji ɓangaren fiƙihu, don kada a zaci lamunin irin wannan baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malamanmu sun yi maganar wanda ya jawo sababin cuta ko da bai taɓa mutum da hannunsa ba. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya ambaci haƙa rijiya da ajiye abu mai santsi da ɗaure dabba a hanya cikin abubuwan da ke jawo lamuni. Cewa ƙaddara ce gaskiya ne, komai ƙaddara ne, amma ba ta ɗauke haƙƙin wanda aka cutar.

Sai dai akwai abin da zai ba wasu mamaki. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ce ƙashin da aka karya bisa kuskure, in ya warke ya koma yadda yake, babu diyya a kansa. In ya warke da naƙasa ko lahani, sai a ƙiyasta gwargwadon abin da ya ragu. Shi ya sa ba a yanke hukuncin rauni sai ya warke. Kuɗin magani kuma wasu malaman mazhaba na baya sun ga dacewar a ɗora wa wanda ya jawo. Don haka shawarata kada a yanke adadi yau, a jira a cire filasta a ga hannun.

Maman Ilham:
Allah ya gafarta Malam, to kuɗin ɗinkin da ta rasa fa? Wata biyu za ta yi ba ta taka keke ba, da shi take ciyar da kanta.

Malam Nuhu Zariya:
Hajiya, wannan wuri ne da ake saɓani, ba zan yanke a nan ba. Amma ƙofar sulhu a buɗe take, abin da suka yarda da shi tsakaninsu ya halatta.

Barista Hadiza:
A babbar kotu kuwa ana biyan wannan, amma da sharaɗi. Diyya kashi biyu ce. Akwai asarar da ake iya lissafawa, kuɗin asibiti, kuɗin mota, kuɗin shigar da aka rasa. Wannan sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya an kuma kawo shaida, rasit, littafin ɗinki, alat na banki. Faɗa da baki ba ya isa. Sai kuma diyyar zafin ciwo da wahala, wadda alƙali ke ƙiyastawa bayan ya ga rahoton likita.

Bari in yi misali, ba hasashen hukunci ba. Asibiti 185,000. A ce ta nuna tana samun 20,000 a mako kuma ta yi makonni 8 ba aiki, 160,000 ke nan. A ce alƙali ya sa 400,000 na wahala. Jimla 745,000. In hoton kyamara ya nuna tana kallon waya aka ɗora mata kashi 20 cikin 100, sai a cire 149,000, saura 596,000. A cire 185,000 da Alhaji ya riga ya biya, saura 411,000. Amma in likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, ko hannun ba zai koma daidai ba, lissafin ya tashi, miliyan ɗaya da rabin ma tana iya yin kaɗan. Don haka ka tambayi mijin cikin mutunci yadda ya kai ga adadinsa.

Garba Mai Taya:
Ni abin da ya same ni ya ɗan bambanta. Wani ya taka baƙin mai a gaban shagona ya karye a ƙafa. Na kai shi asibiti, kwana biyu 'yan uwansa suka sa hannu suka fitar da shi suka kai wa mai ɗorin gargajiya a ƙauye. Aka ɗaure da ƙarfi, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, suka dawo bayan wata uku suna cewa ni zan biya aikin da za a yi. Har ofishin 'yan sanda suka kai ni na wuni. Alhaji ka roƙe su kada su cire filastar nan su tafi wani wuri.

Barista Hadiza:
Malam Garba, sannu. Wanda aka ji wa ciwo shi ma doka ta ɗora masa kada ya ƙara wa kansa asara. In ya bar maganin likita bisa raɗin kansa abin ya lalace, kana da hujjar cewa ƙarin lalacewar ba daga gare ka ba ne, ko da yake sai likita ya yi bayanin wanne ne daga faɗuwar, wanne ne daga ɗorin. Batun tsarewa kuma, dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum a kan abin da ke tsakanin mutum da mutum na diyya ko saɓa yarjejeniya kawai. In an gayyace ka ka je, amma ka tafi da lauya, kada ka sa hannu a takardar alkawarin biya a can.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni na manna takarda a ƙofata, "duk abin da ya samu mutum a ciki babu ruwan mai shago". Wannan bai isa ba?

Kabiru Inshora:
Hajiya kada ki dogara da ita. Gargaɗin da ke amfani shi ne wanda aka ajiye a kan haɗarin kansa, a lokacin da yake nan, yadda mai shigowa zai gani ya kauce. Kwastomominki nawa ne ma ke tsayawa karanta ƙofa?

Barista Hadiza:
Ina tare da shi. Kuma ko alamar ruwa ka ajiye, in babu wata hanyar da mutum zai bi sai ta cikin ruwan, ba ka gama fita ba.

Sani Kwari:
Har yanzu ni ban gamsu ba. Ribar ƙaramin kanti nawa ce a wata? In kowane santsi sai an biya dubu ɗari huɗu, rufewa za mu yi. Wutar da aka ɗauke ta jawo narkewar, wa zai biya Alhaji nasa?

Maman Ilham:
Ba kowane santsi ba, Malam Sani, wanda aka sani aka bari. Ita ma ba ta da inda za ta kai kuka sai wurinsa.

Abban_Khalifa:
Na gode muku duka. Na kwafe hoton kamar yadda Injiniya ya ce. Daga ɗauke kwalin zuwa faɗuwarta minti 14 ne, kuma babu waya a hannunta, jaka ce kawai. Mutum biyu sun wuce ta wurin kafin ita, ɗaya har ya ɗan zame ya dafa kanta. Takardar inshorar tana wurin banki, gobe zan karɓo kwafi. Na yi magana da mijin, ya yarda mu zauna da shugaban 'yan kasuwar layinmu da limamin unguwarsu, amma yana so a yi kafin Juma'a. Barista, in zauna ko in jira a cire filasta kamar yadda Malam ya ce?

Barista Hadiza:
Ka fara ganin takardar inshorar kafin kowane zama. In babu alhakin jama'a a ciki, ka zauna da su, amma ka raba abin biyu: ka ci gaba da biyan asibiti da wani abu na cefane duk mako a rubuce da shaidu, adadin ƙarshe kuma a bar shi sai rahoton likita ya fito. Ranar da za a rufe maganar, ita matar ce za ta sa hannu cewa ta karɓa kuma ba ta da sauran nema, don haƙƙin nata ne ba na mijin ba. In kuna son yarjejeniyar ta yi ƙarfin hukunci, akwai cibiyar sulhu ta babbar kotun Kano.

Garba Mai Taya:
In mijin ya ƙi jira fa? Nawa cewa suka yi a ba su a dunƙule ko su tafi kotu.

Kabiru Inshora:
Alhaji in ka karɓo takardar ka turo min hoton shafin jadawalin ta akwatin sirri, ka rufe lambar da sunanka, in duba maka kafin ka kira su.